"Ina So In Ci Gashin Kaina": Wasiƙar Injiniya Zuwa Ga Maigidansa

Akwai matakin da injiniya kan kai idan ya yi shekara goma sha biyu zuwa sha biyar yana aiki. Ya wuce yaron da ake aikawa ya ƙirgo buhunan siminti, bai kuma kai manyan da ake jira kafin a yanke shawara ba. Albashi na zuwa duk wata, amma kujerun da ke sama kaɗan ne, masu su kuma ba su da niyyar tashi. A nan ne tunani kan fara zuwa masa na ya ajiye aiki ya koma kwansaltan. Kafin ya faɗa wa matarsa ma, sau da yawa wanda yake fara tuntuɓa shi ne tsohon ogan da ya koya masa aiki.

Ga wanda ba ya cikin harkar, duk wani babban gini ko titi ko gada yana da mutum uku. Akwai mai aiki, wanda kuɗin nasa ne. Akwai ɗan kwangila, mai sayen siminti da rodi da ɗaukar leburori. Na ukun shi ne kwansaltan, injiniyan da ba ya sayen ko buhu ɗaya. Shi ke lissafin nauyin da ginin zai ɗauka, ya fitar da zane, ya sa hannu, sannan ya riƙa zuwa fili yana duba ko ɗan kwangila na bin abin da aka zana. A manyan ayyuka ba a biyan ɗan kwangila sai kwansaltan ya tabbatar a rubuce cewa an yi aikin. Hajarsa ke nan: lokacinsa, da saninsa, da sa hannunsa.

Yawancin wasiƙun neman shawara ba sa haifar da komai, domin abin da ke cikinsu bai wuce "ina so in shiga harkar, me za ka ce?" ba. Dattijon da aka yi wa wannan tambaya ba shi da abin cewa sai "Allah ya sa albarka, a yi haƙuri, a riƙe gaskiya." Ba rowar sani ya yi ba, ba a ba shi abin da zai kama ba ne. Ga misalin da na tsara na wasiƙar da ke sa dattijo ya gyara zama. Mutumin da alƙalumansa duk na misali ne.

"Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya tare da iyali, ya kuma ƙarfin jiki. Yaronka ne da ka koya wa karanta zanen rodi a shekarar da na gama bautar ƙasa.

"Yau shekarata 14 a aiki, takwas na ƙarshe a wani kamfanin gine-gine a nan Kaduna, inda nake kula da aikin fili. Ina da rajistar COREN, lasisina bai taɓa yankewa ba. Albashina naira 600,000 ne a wata. Abin da na ajiye zai riƙe gidana wata huɗu idan babu abin da ya shigo. Ina da 'ya'ya huɗu, biyu suna sakandare, ga kuma Hajiya tana wurina. Ba zan ɓoye maka ba, rabona da in zauna in yi lissafin gini tun daga harsashi har rufi shekara shida ke nan.

"Mutum biyu sun yi mini alkawarin aiki idan na fita. Ɗaya yana son bene mai hawa uku, ɗayan kuma abokin huldar kamfanin da nake ciki ne. Abin da nake roƙo ka haska mini uku ne. In buɗe nawa kamfanin kai tsaye, ko in fara raɓawa ƙarƙashin wani? Nawa ya kamata in riƙa yanka wa aikina? Me zan yi da mutum na biyun nan? Idan ka ba ni dama zan zo gida ranar Asabar bayan la'asar, in taho da zanen ayyuka uku da na yi. Naka mai biyayya."

Babu wata gwaninta a wannan rubutu. Amfaninsa shi ne ya faɗi abubuwan da mutane ke jin nauyin faɗa: albashi, ajiya, yawan bakin da ake ciyarwa, da raunin da ke cikin sanin mai rubutun. Mu Hausawa ba ma son ambaton albashi ko ga ɗan'uwa, amma shawarar da aka bayar ba tare da an san shi ba shaci-faɗi ce. Ya kuma roƙi a ba shi lokaci ya je da kansa, domin zuwa da kai ya fi saƙo. Wasiƙar share fage ce kawai, don dattijon ya kwana da maganar kafin a zauna.

Tambaya ta biyu, ta kuɗi, ita ce wadda gogaggen kwansaltan zai fara kamawa, domin ita ke warware sauran. Injiniyan da ya saba da albashi yakan raba 600,000 gida 22, kwanakin aiki na wata, ya ga cewa yininsa naira 27,000 ne da 'yan kai. Sai ya ce idan ya yanka wa kansa 40,000 a yini ai ya ci riba. Wannan lissafi ne ke mayar da mutane neman aikin albashi bayan shekara guda.

Ga yadda dattijon zai sa shi ya sake yi. Gidansa na buƙatar 600,000 a wata, wato miliyan 7.2 a shekara. Sannan akwai abubuwan da kamfani ke ɗauke masa bai taɓa lura ba: hayar ofis ko da ɗaki ɗaya ne, man janareta ko kuɗin sola, kwamfuta da manhajar zane, man mota da gyaranta, buga manyan takardun zane, albashin yaron da zai taya shi zane, kuɗin sabunta lasisi, da inshora. Har da fansho, domin dokar fansho ta 2014 ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikata ya zuba aƙalla kashi 10 cikin ɗari, ma'aikaci ya zuba kashi 8. Ranar da ya fita, goman nan ta tsaya. A ce duka waɗannan sun ci 400,000 a wata, miliyan 4.8 ke nan a shekara. Jimla miliyan 12 ce dole ta shigo kafin a ce ya koma inda yake a yau, ba a ma yi maganar riba ba.

Sai a zo kan kwanaki. Idan aka cire Asabar da Lahadi daga shekara saura kwana 261. A cire hutun salla da sauran ranakun hutu, da rashin lafiya, da biki da zaman makoki, abin da ya rage bai wuce 230 ba. Amma ba duka ake biyan kwansaltan ba. Ranar da ya je gaishe da wani Alhaji da ake cewa zai gina otal, babu mai biyansa. Haka ranar da ya wuni yana rubuta takardar neman aikin da ba zai samu ba, da ranar da ya zauna a benci a ofishin akanta yana jiran a sa hannu a kan kuɗinsa. Sabon shiga idan ya samu rabi, kwana 120 na aikin da ake biya, ya yi ƙoƙari. A raba miliyan 12 gida 120, za a ga yininsa naira 100,000 ne, kusan ninki huɗu na lissafinsa na farko.

Da wannan ma'auni zai auna benen nan mai hawa uku. Idan lissafi da zane da zuwa fili za su ci masa kwana 30, to aikin na miliyan 3 ne. Mai ginin yana iya cewa ai akwai wani yaro da zai zana masa a kan 400,000, kuma gaskiya ya faɗa, akwai shi. Abin da injiniyan zai gane daga nan shi ne mutumin nan ba abokin cinikinsa ba ne, ko da sun saba. Idan kuma aka daidaita, shekara tana buƙatar irin wannan aiki huɗu cur. Shi kuwa alkawari biyu ne a hannunsa, duka na baka.

Kuɗin ma ba a dunƙule suke zuwa ba. Al'ada ita ce a biya kashi-kashi: wani abu a farko, wani idan an miƙa zane, ragowar a lokacin sa ido kan gini. Kason ƙarshen nan yana bin tafiyar ginin ne. Idan kuɗin mai aiki suka yanke bayan an zuba dakin na farko, ginin zai iya tsayawa shekara biyu, ragowar kuɗin kwansaltan ma su tsaya tare da shi. Idan mai aikin kamfani ne ko hukuma, za a kuma cire haraji tun daga tushe kafin kuɗin su iso, a ba shi takardar shaida da zai yi amfani da ita wajen lissafin harajinsa na shekara. Shi ya sa ajiyar wata huɗu da ya ambata ba ta kai abin da yake zato ba. Ya lissafa gida ne kawai: 600,000 sau huɗu, miliyan 2.4. Da zarar an haɗa da ofis, kashewar wata ta zama miliyan ɗaya, ajiyar ba za ta kai wata uku ba.

Daga nan amsar tambaya ta farko ta fito da kanta. Ƙofa uku ce. Zai iya neman aiki a kamfanin kwansaltan da ya kafu, ya ci gaba da karɓar albashi yana koyon yadda ake neman aiki da yanka masa kuɗi. Zai iya zama mai zaman kansa da ke karɓar yanki-yankin aiki daga manyan kamfanoni, su ne ke hulɗa da mai aiki, shi nasa lissafi da zane. Ko ya buɗe nasa da allo a bakin ƙofa. A ganina, ga mai irin wannan hali, ta ukun ita ce mafi daɗin faɗa kuma mafi rashin dacewa da shi a yanzu.

Ba rajistar ce mai wuya ba. Tun da aka yi dokar kamfanoni ta 2020, mutum ɗaya tilo yana iya yi wa ƙaramin kamfani rajista a hukumar CAC. Sai dai rajistar da injiniya ke da ita a COREN, hukumar da aka kafa a 1970 don sa ido kan aikin injiniya a Nijeriya, tasa ce shi kaɗai. Kamfanin da zai riƙa ba da shawara yana buƙatar tasa rajistar daban. Akwai kuma ƙungiyar kamfanonin kwansaltan ta ƙasa, ACEN, da ya kamata ya san hanyarta. Duk wannan aikin takarda ne da ɗan haƙuri.

Inda sabon kamfani ke cin karo da bango shi ne aikin gwamnati, wanda kuwa nan manyan ayyukan suke. Ƙarƙashin dokar sayen kaya da ba da kwangila ta 2007, idan hukumar tarayya tana neman kwansaltan takan yi sanarwa masu sha'awa su nuna kansu, a tace, sannan waɗanda suka tsallake su kawo tsarin yadda za su yi aikin da farashinsu. Duk wanda ya taɓa karanta irin wannan sanarwa a jarida ya san jerin: shaidar biyan haraji ta shekara uku, lissafin kamfani da akanta ya tantance na shekara uku, takardun hukumar fansho da na ITF da NSITF, da shaidar makamantan ayyuka da kamfanin ya yi a baya. Shekara 14 da injiniyan ya yi tana cikin takardar tarihin aikinsa, amma kamfaninsa jariri ne, ba shi da ko ɗaya. Dabarar da aka saba ita ce ya yi rajistar tun yanzu, ya riƙa biyan haraji komai ƙanƙantarsa don shekarun su fara ƙirguwa, a gefe guda kuma ya bar babban kamfani ya sa sunansa cikin jerin ƙwararrun da zai gabatar. Manyan kamfanoni na neman irinsa, domin ana ba su maki ne a kan gogewar mutanen da suka lissafa.

Wani abu da ya kamata ma'aikacin gwamnati ya sani: wannan dabara ta fara harka a gefe ba tasa ba ce. Ƙa'idar ɗa'ar ma'aikata da ke cikin tsarin mulkin 1999 ta hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci gudanar da wata sana'a ko kasuwanci na kansa, in ban da noma. Ana yi, kowa ya sani, amma ranar da aka so mutum da sharri nan ake kama shi. Shi mai wasiƙarmu a kamfani mai zaman kansa yake, don haka takardar ɗaukarsa aiki ce zai ɗauko ya karanta, ya ga abin da ta ce game da aikin waje da kuma wa'adin sanarwa kafin ajiye aiki.

Layin da dattijon zai fi daɗewa a kansa shi ne wanda mai wasiƙar ya saka cikin jin kunya: shekara shida bai yi lissafin gini ba. A kamfanin kwangila shi mai bin zane ne. Idan wani abu ya ɓaci, akwai wanda ya zana, akwai manaja, akwai lauyan kamfani. Ranar da ya zama kwansaltan, hatiminsa ne a kusurwar takarda, babu kowa a bayansa.

A duba abin da ke faruwa a fili. Ya zana ginshiƙi da rodi mai kaurin milimita 16. Ya zo da safe ya tarar da mai ɗaurin rodi ya ɗaura na 12, kafinta yana shirin rufewa da katako, injin kwaɓa kankare yana ta ƙugi, leburori sun jera kwanuka. Mai gida na tsaye da waya a hannu yana cewa, "Haba Injiniya, milimita huɗu ne fa tsakani, kuma ka san yadda rodi ya yi tsada." A ido bambancin kaɗan ne. Amma ƙarfin rodi yana bin faɗin bakinsa ne idan an yanka shi, ba kaurinsa kawai ba: bakin na 16 ya kai murabba'in milimita 201, na 12 kuwa 113. An zubar da kusan rabin ƙarfen ke nan. Da zarar kankare ya rufe shi, babu wanda zai sake gani. Haka kankaren kansa: ana ɗibar samfuri a zuba a 'yan akwatunan ƙarfe, a kai ɗakin gwaji a matse shi a kwana 7 da kwana 28, don a san ko ya kai ƙarfin da aka zana. Mai ginin da ya ce gwajin nan ɓarnar kuɗi ne ya riga ya faɗa wa injiniya irin mutumin da yake.

Wanda zai ce a dakata a kwance rodin nan yana faɗa wa mutumin da ke riƙe da ragowar kuɗinsa ne. Nan lissafin ɗazu ya haɗu da maganar sa hannu. Injiniyan da kuɗin makarantar yara ke jiransa ranar Litinin, kuma wannan ne kaɗai aikin da ke hannunsa, bakinsa zai yi nauyi. Wanda ke da ajiyar wata tara da wasu ayyuka biyu zai iya naɗe zanensa ya shiga mota. Lokacin da bene mai hawa 21 ya rufta a titin Gerrard da ke Ikoyi a Legas ranar 1 ga Nuwamba 2021, ya kashe mutum sama da 40, jaridu sun fito da wata wasiƙa da kamfanin injiniyoyin da ya fara aikin ya rubuta tun Fabrairu 2020, yana janye hannunsa daga ginin. Wasiƙar ba ta ceci ran kowa ba, amma ta nuna wa duk mai shirin shiga harkar abu biyu: janyewa tana cikin aikin, kuma a rubuce ake yin ta, da kwanan wata. Don haka ne tsofaffin hannu ke nacewa a kan yarjejeniya rubutacciya da ta fayyace ko zane kawai aka saya ko har da sa ido, da littafin fili da ake rubuta kowane umarni, da inshorar da ke biyan diyya idan kuskuren lissafi ya jawo asara.

Tambaya ta uku ba ta buƙatar dogon bayani. Mutumin da ya san injiniyan ta hanyar kamfanin da yake yi wa aiki, abokin huldar kamfanin ne. Idan ya janye shi a ɓoye yana kan karɓar albashi, ya ci amana, kuma injiniyoyin gari ɗaya duk sun san juna. Labarin zai riga shi isa ofisoshin da zai je neman aiki. Ko dai ya bar shi, ko ya fita tukuna sannan ya je ya gaya wa tsohon ogansa baki da baki. Wani lokaci ma tsohon kamfanin ne ke zama abokin ciniki na farko, domin ɗan kwangila ma yana buƙatar mai duba masa zane da yi masa lissafin gaggawa.

Akwai tambaya ta huɗu da ba a rubuta ba, kuma su biyun sun san da ita: ko maigida zai ɗan yaga masa wani abu daga ayyukan da ke hannunsa. Daidai ne da bai sa ta a takarda ba. Dattijon nan, idan har yana da kamfani, gobe abokin takara ne, kuma ba zai ɗora sunan da ya yi shekara talatin yana ginawa a kan lissafin wanda ya yi shekara shida bai taɓa lissafi ba. Abin da ya fi yiwuwa shi ne ranar Asabar ɗin, bayan an sha ruwa an gaisa, ya buɗe zanen nan uku a kan tabarma, ya sa yatsa a kan wani ginshiƙi ya ce, "Me ya sa aka sa rodi shida a nan, ba huɗu ba?" Idan amsar ta gamsar da shi, zai iya miƙa masa ƙaramin aiki, kamar tankin ruwa na sama ko kwalbati, ya ce a kawo masa lissafin nan da mako biyu ya duba da jan biro.